Inda kunne ya tsaya da inda ido ya gudu: wace hira za a yanka?

Duk mai shirya fodkas, wato shirin hira da ake ɗorawa a intanet, idan ya fara kafa kyamara a ɗakin ɗauka to ya ƙara wa kansa aiki. Hirar minti hamsin ba ta kai kanta ga mutane. Sai an yanko mata guntaye na daƙiƙa arba'in ko minti ɗaya an watsa a TikTok da Instagram da YouTube, su ne ke janyo wanda bai taɓa jin sunan shirin ba. Yanka guntu kuwa yana cin lokaci: a nemo wurin, a datse, a mayar da hoton tsaye don ya cika fuskar waya, a sa rubutu a ƙasa, a gyara sauti. Edita ɗaya ba zai iya yi wa kowane shiri haka ba, balle wanda ke aiki tsakanin ɗauke wuta da kawo ta. Dole a zaɓa. Mafi yawan masu zaɓen kuma shirin da ya fi yawan kallo suke ɗauka, ko wanda ya fi burge su ranar ɗauka. Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma kayan aikinta kyauta ne: a duba inda mutane ke barin shirin, a duba shi sau biyu, na masu ji da kunne daban, na masu kallo daban, sannan a gwama.

Da farko sai a san inda ake samun wannan bayani, domin ba kowane adadi ne ke da amfani ba. Adadin da kamfanin ajiye fodkas ke nunawa na sau nawa aka sauke shiri ba ya faɗin ko an saurara. Waya tana iya sauke shiri da kanta cikin dare, mai ita bai buɗe ba har abada. Sai a ƙarshen shekarar 2017 Apple ya fara nuna wa masu shiri yadda ake sauraron kowane kashi, minti bayan minti, kuma yau ana ganin wannan a Apple Podcasts Connect. Spotify ma yana da nasa a Spotify for Creators. Na masu kallo kuwa yana cikin YouTube Studio, a ƙarƙashin bayanan kowane bidiyo, inda ake kiransa Audience retention. Dukkansu abu ɗaya suke zanawa: layi mai farawa daga sama ta hagu, inda kowa ke nan, yana gangarowa dama yayin da mutane ke zamewa. Tsawon shirin yana kwance a ƙasa, yawan waɗanda suka rage yana tsaye a gefe.

Wanda ya fara ajiye layukan nan biyu kusa da juna yakan tsorata. Layin masu sauraro yakan sauko a hankali, kusan a kwance. Na masu kallo kan faɗo ƙasa warwas a daƙiƙu talatin na farko, sannan ya ci gaba da zubewa. Sai mutum ya ce bidiyon ne bai yi kyau ba. Sau da yawa ba haka ba ne. Mutanen ne ba iri ɗaya ba, halin da suke ciki ma ba ɗaya ba.

Mai sauraro yawanci shi ya nemi shirin da kansa, ya san muryar mai gabatarwa, ya danna, ya jefa wayar a aljihu. Hannunsa na kan sitiyari, ko keken ɗinki, ko tana tsaye a kan tukunya. Kafin ya bar shirin sai ya tsayar da abin da yake yi, ya goge hannu, ya ciro waya. Saboda haka zamansa ba babbar shaida ba ce cewa abin na masa daɗi, wataƙila kawai bai kai ya dame shi ba. Amma idan har ya ciro wayar ya tsallake, to lallai wani abu ya faru a wurin. Mai kallo kuma akasin haka yake. Sau tari YouTube ne ya ɗora masa bidiyon a gaba, yatsansa na kan gilashin, ga wasu bidiyoyi jere a ƙasa suna kiransa. Tafiyarsa ba ta da tsada, don haka ba ta cika nuna laifin shirin ba. Abin da ke da nauyi a wurinsa shi ne ya tsaya, ko ma ya koma baya ya sake kallo.

Wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. A layin kunne, gangara ake nema. A layin ido, tudu ake nema, ko wurin da layin ya daina sauka ya miƙe. Kuma tunda guntun da za a yanka zai je ne ga baƙo mai yatsa a kan gilashi, wanda ya fi mai kallon YouTube ma saurin wucewa, layin ido ne ke nuna inda za a yanka. Layin kunne aikinsa ya faɗi dalilin da ya sa wurin ya riƙe mutane.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman na kwatance ne, na tsara su don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce shiri ne na mako-mako kan sana'o'i, kashi uku na jiran edita, shi kuma ɗaya kawai zai iya yi wa guntaye a wannan makon.

Kashi na farko hira ce da wani dattijo da ya yi shekaru yana fatauci, mai daɗin baki, labari na bin labari. Masu sauraro sun so shi ƙwarai: cikin ɗari da suka fara, saba'in sun kai kusan ƙarshe. A YouTube ma bai yi laifi ba, sai dai layinsa santsi ne, yana sauka daidai wa daida daga farko har ƙarshe, babu tudu babu kwari. Wannan kashi ne ya fi kowane kyau cikin ukun, kuma shi ne na ƙarshe da zan ba edita. Daɗinsa a tare yake, kowane labari yana jingine da wanda ya gabace shi, kuma sai ka zauna da dattijon minti goma kafin dariyarsa ta fara kama ka. Ka ciro daƙiƙa hamsin daga tsakiya, baƙo zai ga tsoho yana ambaton sunayen mutanen da bai sani ba. Layi mai santsi yana cewa shirin na da kyau, amma bai nuna ƙofa ko ɗaya da baƙo zai shigo ta ciki ba.

Kashi na biyu da mai haɗa sola aka yi shi, tsawonsa minti 48, kuma shi ne mafi ƙarancin masu kallo. A layin ido, cikin ɗari da suka fara saura 42 a minti na 10, saura 30 a minti na 20. Wato ana rasa mutum ɗaya da ɗan ɗoriya a kowane minti. Da haka aka ci gaba, daga minti na 20 zuwa na 23 sai a rasa uku ko huɗu. Amma a minti na 23 saura 29, mutum ɗaya kacal ya tafi, kuma a tsakiyar wurin akwai ɗan tudu, alamar wasu sun ja baya sun maimaita. A layin kunne labarin ya juya. Daga 78 a minti na 10 an sauko 72 a minti na 20, sauka mai sauƙi. Sai ga shi a minti na 23 an faɗo 63, sannan a minti na 25 layin ya sake hawa zuwa 69.

Hawan nan na baya yana da muhimmanci. Mutumin da ya kashe shiri ba ya dawowa cikin layin. Idan layi ya nutse ya sake tasowa, mutanen ba tafiya suka yi ba, tsallakawa suka yi, suka danna maɓallin gaba sau biyu ko uku har suka wuce wurin. Cikin tara da suka ɓace, shida sun dawo. To me ke cikin mintuna ukun nan da ya riƙe ido ya kori kunne? Sai a buɗe bidiyon a wurin a gani. Baƙon ya ciro wayoyin lantarki guda biyu daga jakarsa, kauri ɗaya, launi ɗaya, ya fere bakin kowace da wuƙa, ya kankare ta a gaban kyamara. Ɗaya ja ce har ciki, ɗayar kuwa da aka kankare sai fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyon ne aka shafa wa tagulla. Duk tsawon lokacin abin da yake faɗa bai wuce "ka ga wannan? to dubi wannan kuma" ba. Mai kallo ya ga abin da zai cece shi daga asara a kasuwa. Mai sauraro ya ji ƙarar wuƙa da "ka gani" har sau biyar.

Wannan wurin shi ne guntu. Yana tsaye da ƙafarsa, ba ya bukatar a san baƙon, kuma mutanen da suka fi kowa saurin gudu sun riga sun gwada shi sun tsaya. Gangarar masu sauraro a nan ba aibi ba ce ga guntun, ita ce ma ta tabbatar cewa abin na ido ne. Tana dai ɗauke da saƙo ga mai gabatarwa: gobe idan baƙo ya ɗaga abu, ya ce da baki, "ga waya biyu a hannunsa, ya kankare ta farko, ja ce har ciki." Jimla ɗaya ce, kuma tsoffin ma'aikatan rediyo sun san ta tun kafin a haifi intanet.

A lura da yadda aka yi lissafin, domin a nan ake yawan kuskure. Ba a gwama 30 na masu kallo da 72 na masu sauraro kai tsaye a ce kunne ya ci. Kowane layi da kansa ake gwada shi: yaya yake sauka kafin wurin, yaya ya yi a wurin. Kuma ana auna waɗanda suka tafi ne da waɗanda suka rage, ba da waɗanda suka fara ba. Mutum tara cikin 72 ɗaya bisa takwas ne. Da a layin ido aka rasa tara cikin 30, da kusan sulusi ke nan, ɓarna mai girma sosai, ko da yake a kan zanen tsayin faɗuwar ɗaya ne.

Kashi na uku ya fi wahalar hukunci. Mata biyu ne masu sana'ar abinci, aka tambaye su batun bayar da bashi ga abokan ciniki. A wajen minti na 31 layin ido ya yi tudu, layin kunne ma ya yi. Idan layuka biyun suka tashi tare, abu biyu ne: ko an faɗi magana mai nauyi da mutane ke son sake ji, ko kuma ba a ji abin da aka faɗa ba. Tudu bai san bambancin sha'awa da ruɗewa ba, komawa baya kawai yake ƙirgawa. YouTube kansa, a bayanin da yake yi wa abin da ya kira Spikes, ya ambaci duka biyun. Kunne ne kaɗai zai raba gardama. A sa iyafis a saurari wurin. Idan aka tarar ɗayarsu ta juya kai daga makirfo, ko su biyun sun yi magana a lokaci guda, ko janareta ya canza murya, to tudun na gyara ne, ba na yankawa ba. Idan kuwa aka tarar magana ce tsaf, ɗaya ta ce ita ba ta hana bashi amma ba ta ba wanda ya zo da rakiya, ta kuma faɗi dalili, to an samu irin guntun da ya fi kowane daraja, wanda ke aiki ko an kalla ko an saurara.

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Tudu irin wannan yakan faɗo a kan magana mai zafi, kuma magana mai zafi ita ce ta fi saurin canza ma'ana idan aka raba ta da abin da ya zo kafinta da bayanta. Matar da ta ce ba ta ba wasu bashi ta yi minti biyu tana shimfiɗa kafin ta faɗa, ta kuma sassauta daga baya. A yanke shimfiɗar, a yanke sassaucin, sai a mayar da ita marowaciya a idon mutanen unguwarsu, kuma guntu idan ya shiga WhatsApp babu mai iya kiransa ya dawo. Layin ba zai hana edita yin haka ba, ƙarfafa masa gwiwa ma zai yi. Idan maganar ba za ta iya fita da dalilinta a cikin tsawon guntu ba, a bar ta a cikin shirin inda take da mahallinta. Tun daga Oktoban 2024 YouTube ya ƙara tsawon Shorts zuwa minti uku, don haka uzurin rashin wuri ya ragu.

A misalin namu, ke nan, kashi na biyu ne zai tafi wurin edita, na uku ya biyo baya idan kunne ya wanke shi, na farko kuma a tallata shi ta wata hanya, ga mutanen da suka riga suka san shirin.

Akwai tarkuna da ke ɓata wannan gwamawa tun kafin a fara ta. Mafi sauƙin faɗawa shi ne agogo. Sau da yawa sautin da aka ɗora a Apple da Spotify ba tsawonsa ɗaya da bidiyon YouTube ba: an sa masa kiɗan buɗewa, ko talla a gaba, ko an datse shirun da aka bari a bidiyo. Bambancin minti ɗaya da rabi ya isa ya sa a ɗora laifin tsallakewa a kan maganar da ba ita ba. Maganinsa a nemi jimla ɗaya da za a gane a duka biyun kusa da wurin da ake bincike, a rubuta mintinta a nan da can, a daidaita. Haka kuma kwarin da ya faɗo daidai kan talla ba ya bukatar dogon tunani.

Na biyu shi ne ƙarancin mutane. Idan masu sauraro arba'in ne, kowane mutum ɗaya kashi biyu da rabi ne cikin ɗari. Mutum uku su isa inda za su, su sauka daga mota a kusan lokaci ɗaya, sai layin ya nuna rami. Ga ƙaramin shiri, kada a gaskata kwari ko tudu sai an buɗe wurin an ga dalilinsa da ido, kuma a ba kashin mako guda ko biyu kafin a karanta layinsa, saboda masu zuwa ranar farko masoya ne, kusan komai za su zauna su ji.

Na uku ya fi shafar mu. Rabuwar da ake yi tsakanin mai ji da mai kallo ta ginu ne a kan zaton cewa na YouTube kallo yake. A wurinmu ba lallai ba. Mutanen da suka tashi da rediyo a gefen tabarma sun mayar da YouTube rediyo: tela ya jingina waya a jikin gwangwanin allura, bidiyo na tafiya, idonsa na kan ɗinki. Wannan mutum a lissafin YouTube mai kallo ne, a gaskiya mai sauraro ne. Ga shi kuma Apple Podcasts na masu iPhone ne galibi, alhali yawancin wayoyin da ke hannun jama'a Android ne, don haka layin Apple na iya zama na wasu tsirarun mutane, da yawansu ma mazauna ƙasashen waje. Sannan duk wanda aka tura wa shirin ta Xender ko WhatsApp don tsimin data, babu layin da ya san da shi. Abin da ke taimakawa shi ne YouTube Studio na ba da damar raba layin gida biyu, na sababbin masu kallo da na masu dawowa, ko na waɗanda suka yi rajista da tashar da waɗanda ba su yi ba. Masu dawowa sun fi kama da masu sauraro a halayya. Sababbi su ne suka fi kama da baƙon da guntu zai tarar. Wanda ba shi da isassun masu sauraro a Apple ko Spotify yana iya yin gwamawar da waɗannan layuka biyu, ya samu kusan amsa ɗaya.

Idan an tsai da wuri, saura yankan kansa, kuma layin na da abin cewa a nan ma. Ƙololuwar tudu ba ita ce farkon guntu ba. Mutane na komawa baya ne bayan abin ya wuce, su ja zuwa inda suke zaton ya fara, don haka a duba ƙafar tudun ta hagu, a ƙara ja baya kaɗan har a samu jimlar da baƙo zai fahimta ba tare da an gabatar masa da kowa ba. A kashin sola, wannan jimlar ita ce inda baƙon ya ce yawancin wayar da ake sayar wa mutane ba abin da suke zato ba ce, daƙiƙu kaɗan kafin ya buɗe jaka. Gaisuwa da "kamar yadda na faɗa ɗazu" duk a zubar. Sannan a kula da mayar da hoto tsaye. Bidiyon da aka ɗauka a kwance, 16:9, idan aka mayar da shi 9:16 kusan kashi biyu bisa uku na faɗinsa ke tafiya. Edita da ya saba ɗora firam a kan fuskar mai magana zai yanke hannuwan da ke riƙe da wayoyin, ya fitar da guntun mutum yana cewa "ka gani" ba a ga komai ba, wato ya mayar da mai kallo cikin halin da ya kori mai sauraro. A nan hannu da wuƙa ne za su cika fuskar waya, fuskar baƙon ta jira.

Bayan an saki guntun, shi ma yana da nasa layin, da adadin waɗanda suka tsaya da waɗanda suka share shi sama tun a daƙiƙun farko. Idan an share shi da yawa tun farko, matsalar jimlar buɗewa ce, a sake yanka daga wani wuri. Idan an kalla har ƙarshe amma cikakken shirin bai motsa ba a kwanakin da suka biyo, a duba ko an haɗa guntun da shirin ta Related video a YouTube, ko an rubuta sunan shirin da lambar kashin a jikin hoton, tunda wanda guntun ya isa gare shi ta WhatsApp ba shi da abin dannawa, rubutun da ke jikin bidiyon kaɗai zai gani. Edita ya riƙa ajiye ɗan littafi: kashi kaza, minti kaza, ido ya yi kaza, kunne ya yi kaza, guntu ya yi kaza. Bayan kashi goma ko sha biyar zai fara ganin irin wuraren da ke yi wa shirinsa aiki, har ya iya gaya wa mai gabatarwa tun kafin ɗauka ya ce wa baƙo ya taho da kayan aikinsa a jaka.